Yadda ake amsa tambayoyin TRUE, FALSE da NOT GIVEN a IELTS ba tare da ka faɗa tarkon NOT GIVEN ba

Duk wanda ya taɓa zama ya gwada sashen Reading na jarabawar Turanci ta IELTS ya san irin tambayoyin nan da za a jero maka jimloli biyar ko shida ko bakwai a ƙarƙashin fasej, wato rubutun da aka ba ka ka karanta, a ce ka faɗi wacce ce TRUE wacce ce FALSE wacce ce NOT GIVEN. Da ganinsu kamar babu wahala, ai zaɓi uku ne kawai, amma nan ne mutane masu Turanci sosai suke zubar da maki, kuma yawanci ba TRUE ce take kayar da su ba, rigimar tana tsakanin FALSE da NOT GIVEN ne. Abin yana min ciwo don na san irin kuɗin da ake kashewa kafin a zauna jarabawar nan, ga shi minti 60 ne kacal aka ba ka na tambaya 40, kuma a Academic wajen maki 30 kake nema ka samu band 7, wajen 23 kuma band 6. Wato tambaya biyu ko uku da ka yi asara a wannan sashen za su iya rage maka rabin band, ga ma'aikaciyar jinya da hukumar NMC mai rajistar nas-nas a Birtaniya take neman 7 a Reading daga wajenta wannan rabin shi ne komai.

To mu fara da ma'anar kalmomin ukun, don mutane da yawa a nan suka karkace tun farko. TRUE na nufin fasej ɗin ya faɗi abin da jimlar ta faɗa, ko da da wasu kalmomi daban. FALSE na nufin fasej ɗin ya faɗi abin da ya ci karo da jimlar, wato ba yadda za a yi su biyun su zama gaskiya a lokaci ɗaya. NOT GIVEN kuma na nufin fasej ɗin bai ba ka abin da za ka yanke hukunci da shi ba, jimlar za ta iya zama gaskiya za ta iya zama ƙarya, rubutun dai bai ce uffan a kan wannan gaɓar ba. Ka lura, ban ce ba a ambaci batun ba. Sau da yawa an ambace shi, sunan mutumin yana nan, shekarar tana nan, garin yana nan, ainihin abin da jimlar take iƙirari ne kawai babu. Wannan shi ne tarkon gabaɗaya. Ka ɗauki kanka kamar alƙali, ko da ka san wanda ake ƙara tun yana yaro ba za ka yi hukunci da abin da ka sani a gida ba, sai da shaidar da aka kawo gabanka.

Kafin ka taɓa komai ka karanta umarnin da ke saman tambayoyin, don akwai 'yar'uwarsu YES, NO, NOT GIVEN. Ita waccan tana tambaya ne a kan ra'ayin marubucin ko abin da yake iƙirari, wannan tamu kuma a kan bayanin da ke cikin rubutun. Dabarar ɗaya ce, amma in an ce TRUE ka rubuta TRUE ɗin, kar ka rubuta YES. In a kwamfuta kake yi ma zaɓa kawai za ka yi, in a takarda ne ka tuna a Reading ba a ƙara maka lokacin kwafe amsa, cikin mintin 60 ɗin nan za ka yi komai.

Mataki na gaba, kar ka karanta jimlolin duka a tashi ɗaya ka cika kanka. Karanta ta farko da ta biyu kawai. Dalili shi ne amsoshin irin waɗannan tambayoyin suna bin tsarin fasej ɗin ne, amsar ta ɗaya tana sama da ta biyu, ta biyu tana sama da ta uku. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, ka riƙe shi za mu dawo kansa.

Sai ka raba kowace jimla gida biyu a ranka. Gida na farko shi ne abin da zai kai ka wurin, wato suna ko shekara ko gari ko wata kalma da ba a iya canza ta. Gida na biyu shi ne abin da ake gwadawa, ainihin iƙirarin. Mutane suna samun gida na farko sai su yi murna su ga kalma ta yi daidai da kalma su danna TRUE, alhali aikin bai ma fara ba. In ka samu wurin ka karanta jimlar da ke gabansa da wadda ke bayansa a nitse, don sau da yawa wani "amma" ko "duk da haka" yana layi na gaba yana jiranka.

Bari mu gwada da fasej. Na rubuta shi da Hausa da gangan don a ga tunanin a fili ba tare da Turanci ya shiga tsakani ba, kuma na zaɓi abin da yawancinmu muka sani don ka ji yadda saninka yake jan hannunka.

"Layin dogo ya isa Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun sa ran jirgin zai riƙa kwaso auduga zuwa masaƙun Birtaniya, amma manoma da yawa suka karkata ga gyaɗa, duk da cewa wasu sun ci gaba da noman audugarsu. Masana'antun Turai suna amfani da man gyaɗa wajen yin sabulu da majarin. Alhassan Ɗantata yana cikin manyan 'yan kasuwar da suke sayen gyaɗar. Ana jera buhuna a yi dala da su suna jiran jirgin da zai kai su Legas a fitar da su waje. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita a Najeriya, fari da cutar gyaɗa sun rage noman ƙwarai."

Jimla ta farko: "Amfanin gonan da Turawa suka yi tsammanin samu ba shi ne wanda manoma da yawa suka runguma ba." Babu kalmar auduga babu gyaɗa a ciki, amma ma'anar ita ce dai abin da aka faɗa, sun sa ran auduga manoma suka tafi gyaɗa. Amsa TRUE. Ka ga wanda yake farautar kalma iri ɗaya zai duba ya rasa ya ce NOT GIVEN, wannan shi ne tarkon ta ɗaya fuskar, ka zaɓi NOT GIVEN don kawai ba ka gane an sake wa maganar riga ba. A jarabawar gaske haka za ka ga fasej ya ce fell jimla ta ce declined, ko fasej ya ce a decade jimla ta ce ten years.

Ta biyu: "Dukkan manoman yankin sun bar noman auduga." Fasej ya ce wasu sun ci gaba da nomanta. In wasu sun ci gaba ba zai yiwu a ce duka sun bari ba, maganganun biyu ba za su zauna tare ba, don haka FALSE. Yanzu yi wani gwaji, rufe wannan yankin na "duk da cewa wasu sun ci gaba da noman audugarsu" da yatsanka ka sake karantawa. Abin da ya rage shi ne manoma da yawa sun karkata ga gyaɗa. Shin hakan ya gaya maka ko an daina auduga? Bai faɗa ba, mutum zai iya karkata ga gyaɗa yana kuma da 'yar gonar audugarsa. Kalmomi goma ɗin nan su ne suka riƙe FALSE ɗin, in babu su amsar ta tafi wajen NOT GIVEN. Shi ya sa nake cewa kar ka taɓa rubuta FALSE sai ka iya ɗora yatsa a kan kalmomin da suka ƙaryata jimlar. In ba za ka iya nuna su ba, ji kawai kake yi a jikinka cewa maganar ba daidai ba ce, to ka dakata.

Ta uku: "An fi amfani da man gyaɗa wajen yin sabulu fiye da majarin." Sabulu yana cikin fasej, majarin yana ciki, man gyaɗa yana ciki, komai yana nan. Abin da babu shi ne kwatancen. Marubucin ya jero su ne kawai bai ce wanne ya fi ba, kuma don an fara ambatar sabulu ba hujja ba ce. NOT GIVEN. Wannan salon yana yawan zuwa, a ɗauko abubuwa biyu da aka ambata kusa da juna a saka more than ko better ko cheaper a tsakaninsu. Duk lokacin da ka ga kwatance a jimla ka koma ka duba ko fasej ɗin shi ma ya kwatanta, ko ambata kawai ya yi.

Ta huɗu: "Alhassan Ɗantata ya fi duk sauran masu sayen gyaɗa a Kano dukiya." A nan ne hannun Bakano zai yi ta ƙaiƙayi ya rubuta TRUE, don tun muna yara muke jin labarin arzikinsa. Amma me fasej ya ce? Ya ce yana cikin manya. Bai yi zancen dukiya ba, bai ce shi ne na ɗaya ba, bai kuma ce wani ya fi shi ba. NOT GIVEN. Ko da maganar gaskiya ce a duniya ba a tambaye ka duniya ba, an tambaye ka wannan rubutun ne. Likitoci da nas-nas da injiniyoyi ku kula da wannan sosai, in fasej ya faɗo a fanninku a lokacin ne kuka fi shiga haɗari, saboda kanku zai riƙa cike gurbi da abin da aka koya a makaranta ba tare da kun lura ba. Haka nan ka lura da bambancin one of the largest da the largest, ɗan ƙaramin abu ne a ido amma tambaya guda ake ginawa a kansa.

Ta biyar: "Gyaɗar da aka yi dala da ita an tanade ta ne don a sayar a kasuwannin cikin gida." Fasej ya ce jirgi take jira a kai ta Legas a fitar da ita waje. Karo ne kai tsaye, FALSE, ba sai an daɗe ba.

Ta shida ita ce wadda na fi so ka tsaya a kanta: "Yawaitar kuɗin man fetur ce ta sa noman gyaɗa ya ragu." Wallahi mutum goma in ka ba su wannan za su rabu kashi uku. Wasu za su ce TRUE saboda an ambaci fetur da raguwar noma a jimla ɗaya kuma dama abin da kowa yake faɗa ke nan. Wasu za su ce FALSE saboda fasej ya ce fari da cuta ne suka rage noman. Duka biyun sun yi gaggawa. Fetur ɗin an kawo shi ne don a nuna lokaci, "lokacin da", ba a ce "saboda" ba, don haka TRUE ta faɗi. Fasej ɗin kuma bai ce fari da cuta ne kaɗai dalili ba, bai ce fetur ba shi da hannu ba, abu ɗaya zai iya samun dalili uku, don haka FALSE ma ba ta da ƙafa. Amsa NOT GIVEN. Da a ce an rubuta "fari da cuta ne kaɗai suka rage noman" to da ta koma FALSE. Abu biyu sun faru tare daban, ɗaya ya jawo ɗaya daban, kuma masu tsara tambayoyin sun san kanmu yana son haɗa su.

Daga waɗannan shidan za ka iya fitar da gwajin da za ka riƙa yi wa kowace jimla, tambaya biyu ce a jere. Ta farko, akwai inda fasej ya faɗi wannan ma'anar duka, ba rabi ba? In e, TRUE. In a'a sai ta biyu, in na yarda duk abin da fasej ya faɗa gaskiya ne, shin har yanzu wannan jimlar za ta iya zama gaskiya? In ba za ta iya ba, FALSE. In za ta iya, kuma za ta iya zama ƙarya ma, NOT GIVEN. Kalmar "duka" ɗin nan tana da muhimmanci, don jimla za ta iya zuwa da kashi biyu, na farko ya dace da fasej na biyu kuma babu labarinsa, irin wannan ba TRUE ba ce.

Akwai ƙananan kalmomi da ya kamata ka ja wa layi duk inda ka gan su, ko ka haska su in a kwamfuta ne, irin su all, some, most, only, always, never, often, may da the first. Su ne suke juya amsa. Fasej ya ce may jimla ta zo da tabbaci, ko fasej ya ce wasu masana believed wani abu jimla ta kawo shi kamar tabbataccen zance, duk wuraren da za ka rage gudu ne. Amma don Allah kar ka hau dokar nan da ake yaɗawa wai duk jimlar da ke da all ko never FALSE ce. Ba haka ba ne, ka gani da idonka a ta biyu yadda all ɗaya ta iya zama FALSE ta iya zama NOT GIVEN gwargwadon abin da ke cikin rubutun, kuma in fasej da kansa ya ce duka to TRUE ce. Kalmomin suna nuna maka inda za ka duba ne kawai.

Kar kuma ka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Akwai waɗanda bayan sun sha wuya a hannun NOT GIVEN sai su koma zargin komai, ko an ba su abu a fili sai su ce ai ba a faɗa da baki ba. Da za a ce maka "Layin dogo ya riga ya isa Kano kafin 1920", fasej bai ambaci 1920 ba amma 1911 ta riga 1920 zuwa, babu wata hanyar da jimlar za ta zama ƙarya, TRUE ce. Bambancin shi ne, abin da dole ya biyo baya daga rubutun ana karɓarsa, abin da kawai yake da alama ko ya dace da hankali ba a karɓa. In ka ji kanka yana cewa "ai tunda haka ne wataƙila", wannan wataƙilar ita ce alamar ka fita daga fasej ka shiga tunaninka.

Yanzu maganar lokaci, don NOT GIVEN ɓarauniyar lokaci ce, za ka yi ta neman abin da babu shi. Fasej uku a minti 60 yana nufin wajen minti 20 kowanne, har da karatun. Nan tsarin da na ce ka riƙe yake aiki. A ce ka samu amsar ta uku a sakin layi na biyu, ta biyar kuma a sakin layi na huɗu, to ta huɗu tana tsakaninsu, ba ta wani wuri. Karanta wannan tsakanin sau biyu da kyau, karo na biyu kana neman ma'ana ba kalma ba. In babu abin da ya gaskata babu abin da ya ƙaryata, rubuta NOT GIVEN ka wuce, kar ka koma farkon fasej kana sake lalube. Ni shawarata in tambaya ɗaya ta kai ka minti biyu ka zaɓi wadda ta fi ƙarfi a ranka ka yi mata alama, in lokaci ya rage ka dawo. Kar ka bar gurbi babu amsa, ba a cire maki don an yi kuskure. Kuma kar ka tsaya ƙirga wai TRUE ta fito sau uku bari in saka FALSE don a daidaita, kowace jimla da fasej za ka auna ta ba da maƙwabciyarta ba.

Wajen atisaye kuma, yin tambaya ɗari kana duba amsa kana wucewa ba zai gyara ka ba. Nemi littattafan tsofaffin tambayoyi na Cambridge ko samfurin da British Council da IDP suke bayarwa, saboda tambayoyin da ake tsinta a ko'ina wasu ba a tsara su da kyau ba, sai su rikita maka ma'aunin da kake ƙoƙarin ginawa. Kowace amsa da ka bayar ka rubuta hujjarta a gefe, in TRUE ce ko FALSE ka kwafo kalmomin fasej ɗin da ka dogara da su, in NOT GIVEN ce ka rubuta ainihin abin da ya ɓace, misali "ba a kwatanta ba" ko "ba a faɗi dalili ba". Bayan ka duba amsoshi ka ware kurakuranka ka ga ta ina suke zuwa. In kana yawan sa NOT GIVEN inda amsa take TRUE ko FALSE, matsalarka kalmomi ce, ba ka gane maganar in an sake mata siga, sai ka riƙa tara irin waɗannan tagwayen kalmomin a littafi daga kowane fasej da ka yi. In kana sa TRUE inda amsa take NOT GIVEN, kana cike gurbi da saninka ne ko kana ruɗuwa da kalma iri ɗaya. In kuma FALSE kake sawa a wurin NOT GIVEN, to tambaya ta biyu ce kake tsallakewa, sai ka ɗauki sati guda kana yin atisayen ba tare da agogo ba, kana tilasta wa kanka nuna kalmar da ta ƙaryata kafin ka rubuta FALSE, in hannunka ya faɗa sannan ka dawo da agogon minti 20.